Yadda ake lissafin ranar haihuwa da lokutan awo

«Jinin al'adata na ƙarshe ya zo ran 10 ga Maris, gwaji kuma ya nuna ciki. Yaushe zan haihu, yaushe zan fara awo?»

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ana lissafin ne daga ranar da jinin ya fara zuwa, ba ranar da kika yi wanka ba, nan mata da yawa ke kuskure. Ki ƙara kwana 7 a kan 10 ga Maris, ya zama 17, sai ki ƙirga wata 9 gaba. Kin ga 17 ga Disamba ke nan, wajen lokacin da cikin zai cika sati 40. Kada dai ki ƙwallafa rai a kan ranar, haihuwa daga sati 37 zuwa 42 duk lokacinta ne.

Lissafin na mai al'adar kwana 28 ne. In taki tana kaiwa kwana 35, ki ƙara sati guda. In ba ta da tsayayyen lokaci, ko cikin ya shiga kina shayarwa, hoton cikin da aka yi a watanni ukun farko ya fi wannan lissafi inganci.

Awo kuwa, ki je kafin 2 ga Yuni, wato sati 12, kada ki jira sai ciki ya fito. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 zuwa awo sau takwas ne: bayan na farko sai sati 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Naki na biyu zai faɗo 28 ga Yuli. Amma in kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira kwanan da aka rubuta miki a kati.