Wayata ta ƙi ganin sabon agogona a bulutut

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi agogon zamani sabo fil, irin mai amsa kiran nan. Na kunna bulutut a wayata, Android ce, tana ta lalube amma sunan agogon ya ƙi fitowa, alhali sifika da abin kunne duk tana kamawa. Agogon ne ya lalace ko wayar? In mayar wa mai shago ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata da mayarwa tukuna. Gyaran waya nake yi, kuma yawancin agogunan da ake kawo mini da wannan kukan lafiyarsu ƙalau, a inda ba a ajiye su ba ake neman su.

Bulutut iri biyu ne. Akwai na da, wanda sifika da abin kunne suke aiki da shi, shi ne mai ɗaukar sauti. Akwai kuma mai ƙarancin cin batir, wanda ake rubutawa BLE, da ya zo tare da bulutut na 4.0 a shekarar 2010. Da wannan na biyun agogo yake aika wa waya yawan taku da bugun zuciya, ya karɓi saƙonni da lokaci, shi ya sa yake kwanaki bai nemi caji ba. Shi kuma ba a cikin saitin bulutut na waya ake haɗa shi ba, manhajar agogon ce take nemo shi da kanta. Don haka kama sifika da wayarka take yi bai gaya mana komai game da agogon ba.

Sai ka fara da samo manhajar da ta dace. Kada ka je Play Store ka ɗauko duk wadda ka ga hoton agogo a kanta. Agogunan kasuwa kamanninsu ɗaya, amma wani da Da Fit yake aiki, wani FitPro, wani Wearfit Pro, wani HryFine, kuma wannan ba ta ganin agogon waccan ko da ka ɗora shi a kan wayar. Shiga saitin agogon ka nemi lambar QR, ka haska ta da kyamara, ita za ta kai ka ga manhajarsa. Na fi yarda da lambar da ke cikin agogon a kan ta jikin kwali, domin ana samun kwalin da ba nasa ba.

In ka sauke ka buɗe, za ta yi ta roƙon izini, kuma a nan mutane da yawa suke yanke wa kansu hanya. Mutum ya ga manhajar agogo tana neman sanin inda yake, sai ya ce ina ruwan agogo da inda nake, ya danna ƙi. Ban ga laifinsa ba, amma tsarin Android ne: tun daga Android 6 har zuwa 11, manhaja ba ta iya laluben na'urar BLE sai an ba ta izinin Location, kuma a wayoyi da yawa sai shi kansa maɓallin Location ɗin yana kunne. Daga Android 12 aka ware masa izini na daban mai suna Nearby devices, sai dai manhajoji da dama har yanzu duka biyun suke so. Abin haushin shi ne in babu izinin ba lallai ta gaya maka ba. Za ka ga da'irar nan tana ta juyawa, jerin kuma wayam. Danne alamar manhajar, shiga App info, sannan Permissions, ka ba ta su biyun, ka jawo saman allo ka kunna Location. Bayan haka ka sa agogon a caji ya ɗan ƙoshi, ka taɓa fuskarsa ta haska, ka ajiye shi dab da wayar, sannan ka danna Add device a cikin manhajar.

In ka yi wannan duka bai fito ba, to kusan tabbas wani ne yake riƙe da shi. Agogon da ba a haɗa ba yana ta shelar sunansa ne don mai nema ya ji. Da zarar wata waya ta kama shi, yawancinsu sai su yi shiru, ko wa zai neme su ba zai gani ba. Wani bawan Allah ya kira ni a kan haka, ya sauke manhajar daidai, ya ba da izini, amma a gida agogon ya ƙi fitowa, sai ya zo shago ya fito nan take, ya koma gida ya sake ɓacewa. Na tambaye shi, ranar da ya fara duba agogon lokacin da yake nunawa daidai ne? Ya ce daidai yake har da kwanan wata. To agogo irin wannan daga waya yake karɓar lokaci, sabo daga kwali galibi a karkace yake zuwa. Na ce ya jawo saman fuskar agogon ya duba 'yar alamar haɗi, a wasu kamar sarƙa take. Ya ce tana haske. Ashe ƙanensa ne ya fara gwada shi da tasa wayar ranar da aka kawo, kuma duk sanda agogon ya shigo gida wayar yaron ce take riga tasa cafkewa. Da aka kashe bulutut ɗin yaron sunan ya fito, sannan aka shiga manhajar da ke wayarsa aka danna Unbind don kada a maimaita.

Wani lokacin wayarka ce da kanta take riƙe da shi. Agogo mai amsa kira yana da bulutut iri biyun nan duka, shi ya sa za ka iya ganin sunaye biyu, ɗaya a wasu agogunan da Audio ko Call a ƙarshensa. Mutum sai ya haɗa wanda ya fara gani a saitin waya, manhaja kuma ta rasa nata. Duba jerin na'urorin da ka taɓa haɗawa, in akwai wani suna mai kama da na agogon ka danna Forget ko Unpair, ka kashe bulutut ka kunna. Ta manhaja ake fara haɗawa, na kiran ya biyo baya. Kuma kada ka dogara da sunan da ke jikin kwali, domin agogon yana iya fitowa da wasu haruffa da lambobi kawai. Shiga About a agogon ka ga adireshin MAC, wato lambar shaidar bulutut ɗinsa, ka gwada ƙarshensa da abin da manhajar ta nuna. Wannan yana da amfani sosai in kana cikin kasuwa irin Farm Centre, inda agoguna masu suna ɗaya za su cika maka jeri.

Kada kuma ka riƙa danna neman a kai a kai don zafin rai. Android tana toshe manhajar da ta fara lalube fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 30, kuma shiru take yi ba ta sanar da kai. Danna sau ɗaya ka ba shi lokaci.

In har yanzu shiru, yi wa agogon Reset daga saitinsa, tunda sabo ne ba abin da za ka rasa, ka kashe wayar ka kunna. Akwai Reset Wi-Fi, mobile & Bluetooth a waya, amma ina barinsa sai ƙarshe, don zai goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi ɗinka da sifikun da ka haɗa.

Ba ka faɗi irin agogon ba, don haka bari in ƙara wannan. Apple Watch na asali ba ya haɗuwa da Android sam, agogo mai tsarin Wear OS na Google kuma ba ya aiki da waya mai Android Go, wadda ƙananan wayoyi da yawa suke zuwa da ita. Waɗannan babu dabarar da za ta haɗa su.

Kafin ka koma shago, ari wayar wani ka sa mata manhajar, ka ba da izinin, ka nema bayan ka yi wa agogon Reset. In ya fito a can, wayarka za mu bincika. In a waya biyu bai fito ba, agogon ne, ka mayar da shi da kwalinsa da rasit, ka sa mai shagon ya haɗa wanda zai canza maka a gabanka da wayarka, ba da tasa ba. In ka dawo ka rubuto mana sunan manhajar da lambar Android ɗin wayarka, tana cikin About phone.