Me ya sa tsohuwar manhaja ta ƙi hawa wayata?

Tambaya: Na sabunta Samsung ɗina, sai ta fara cin batir. Na yi ƙoƙarin mayar da tsohuwar manhajar wayar ta hanyar Odin, manhajar kwamfuta da ake yi wa Samsung filashin da ita, sai wayar ta nuna "SW REV. CHECK FAIL". Fayil ɗin ne ya lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, fayil ɗinka lafiya lau, wayar ce ta ƙi shi da gangan. A cikinta akwai ma'ajiyar lamba wadda sama kawai take hawa, ba ta sauka. Idan kamfani ya toshe wata babbar ɓarakar tsaro, sai ya ɗaga lambar, wayar kuma ta rubuta ta a wurin da filashin ba ya gogewa. Duk manhajar da lambarta ta gaza wannan, ba za ta karɓa ba. Dalili kuwa, tsohuwar manhajar ma tana ɗauke da sa hannun kamfani, don haka ɓarawo zai iya mayar da ita ya bi ta tsohuwar ɓarakar ya kwashe bayananka.

Duba sunan manhajar, ka ƙirgo harafi na biyar daga ƙarshe. A G991BXXU5CVDD, 5 ne. Idan wayarka tana 5, wata tsohuwar mai 5 za ta iya hawa, mai 4 kuwa ba za ta hau ba har abada. Don Allah kada ka biya wanda ya ce zai tilasta mata, tana iya mutuwa a hannunsa.