Yaya ya dawo bayan shekara 15, na rasa abin rubutawa a ƙasan hotonmu

Anti, barka da aiki. Yayana ya tafi karatu Sudan a 2010, ya yi aure a Omdurman ya zauna. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsallaka Masar da iyalinsa, sai makon jiya ya iso Kano. Mun yi hoto a filin jirgi, ina kuka yana dariya. Na rubuta na goge ya fi sau goma. Umma ta rasu ba ya nan, kuma ya dawo hannu rabbana. Me zan rubuta?

Wata ƙanwa daga Kano

Ƙanwata, barka da arziki, Allah Ya jiƙan Umma.

Ina jin abin da ke sa ki gogewa shi ne kina son layi biyu su ɗauki kayan shekara 15. Ba za su iya ba. Hoton ya riga ya nuna hawaye da dariya, don haka kada ki ɓata layinki wajen cewa kina farin ciki. Rubuta abin da ido ba zai gani ba: tsawon rabuwar, da wani ɗan abu da ku biyu kaɗai kuka sani. Ki tuna kalmar da ya fara faɗa miki da ya fito. In tsokana ce ma, ta fi daɗi:

"Ya bar ni ina aji uku, ya tarar da ni da 'ya'ya uku. Shekara 15. Sannu da zuwa, Yaya. Alhamdulillah."

Ki gyara shi da gaskiyarki. In kin fi son gajere: "2010 zuwa yau. In da rai da rabo." "Ɗan'uwa rabin jiki" kuwa gaskiya ne, amma kowa shi yake sawa, har ya zama ankon biki.

Yaƙin ki bar shi waje. Da zarar kin ambace shi, barka za ta koma jaje, masu tambaya su fara: gidansa fa, aikinsa fa, da me ya dawo? Labarinsa ne, shi zai ba wanda ya ga dama.

Batun Umma ya fi wuya. Kada ki rubuta "da ma Umma ta ga wannan rana". Ke kewa kike nufi, shi kuwa da bai samu jana'izarta ba zai ji kamar an ce ya makara, kuma a gaban jama'a. In zuciyarki ba za ta bari ki tsallake ta ba, addu'a ta isa, a layin ƙarshe: "Allah Ya kai haske kabarin Umma."

Kafin ki ɗora, miƙa masa wayar ya karanta, domin wataƙila akwai dangin da bai je gaisarwa ba tukuna, su ga dawowarsa a waya su ƙullace shi. In ya yi jim, ki sa a status na WhatsApp ki zaɓi masu gani, bayan awa 24 ya ɓace. Facebook ya jira sai ya gama zaga dangi. In matarsa ta fito a hoton, ita ma a tambaye ta.