Na gaida kawu ta tes ya amsa min da "To" kawai

Tambaya: Malam barka da aiki. Ran Juma'a na tura wa kawuna gaisuwa a WhatsApp, na rubuta "slm kawu ya kk", sai ya amsa min da "To" kawai. Fushi ya yi ko me? Da murya ya kamata in tura?

Amsa: Ɗan'uwa, ita "To" ɗin nan ba wanda zai iya fassara maka ita daga rubutu, ko ni. Faɗe ta da bakinka ka ji, akwai "to" ta na yarda, akwai "tooo" mai ja ta mamaki, akwai gajeriyar nan ta na ji ka amma za mu haɗu, kuma duk da haruffa biyun nan ake rubuta su. Hausa da karin sauti take tafiya da jan wasali, mu kuma rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya, shi ya sa gari na zama da garin tuwo suke fitowa iri ɗaya a waya. To in ma'ana kanta tana ɓacewa ina ga ladabi. Ƙila ma kawu bai iya taifin sosai ba ne, iyakar abin da ya samu ya danna kenan.

Amma fa naka saƙon ma da gyara, "ya kk" ai na abokai ne. A baki da ka sassauta murya ka ce kun wuni lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari, wannan rusunawar ita murya ke ɗauka ta kai masa, taƙaitaccen tes kuwa ba ya kai ta.

Don haka eh, ga babba murya ta fi. Ka danna alamar makirfon ka ja ta sama ta kulle, ka ɗan jira sakan ɗaya kafin ka yi sallama don wasu wayoyin suna yanke farkon magana, sai "assalamu" ta tafi a bar "alaikum". In ka gama kar ka tura tukuna, danna alamar tsayawa ka saurari kanka, in ka ji ƙarar babur ko kamar kana sauri goge ka sake. Sakan 20 zuwa 30 ya isa, data ɗin da zai ci bai kai na hoto ɗaya mai kyau ba. In ka zarce minti 3 mutane 1.5x ko 2x suke sa wa, nan kuma duk natsuwar da ka yi ta koma kamar mai tallan magani a tasha.

Inda tes ya fi shi ne in akwai lamba, kwatance ko lokacin ɗaurin aure a ciki, don ba a iya binciko abin da ke cikin murya, kuma kawu yana iya kasancewa cikin mutane. Sai ka gaisa da murya, bayanin ka rubuta a ƙasa, da "ku" ɗinka cikakke ba "kk" ba.