Yadda Za Ka Buga Littafin Darasi Mai Giɓi

«Na yi sikanin littafin darasin abokina, rubutun hannu ne, wasu wurare sun goge. Yaya zan buga shi tsaf don bita?»

Ka fara sanya wa hotunan lamba bisa jerin shafuka, sannan ka kwafe abin da idonka ya gani kawai. Inda kalma ta gagara, rubuta [?? sh12], wato shafi 12; inda kuma layi ya ɓace, rubuta [GIƁI]. Daga baya `Ctrl+F` zai zaƙulo maka su duka.

Kada ka cike giɓi da ka. Hasashenka ya zauna cikin baka da jan launi, domin bayan wata guda ba za ka bambance shi da maganar malam ba. Lambobi sun fi yaudara: 1 da 7, ko ɗigon 0.5 da sikanin ya cinye. Irin waɗannan, musamman adadin magani, mai littafin ko malamin darasin za ka tambaya.