Zip ɗina ya ce ya lalace, hotunan ciki sun tafi kenan?

Tambaya: Salam malam, mai hoto ne ya turo min hotunan bikin ƙanwata a zip, guda 400, girmansa 1.8 GB. Na sauke a kwamfuta amma in na danna sai Windows ta ce invalid. Shi kuma ya riga ya goge nasa. Don Allah akwai dabara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, akwai dabara, kuma ina kyautata zaton mafi yawan hotunan suna nan. Kafin komai yi kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe, duk gwajin da za ka yi a kan kwafin za ka yi shi, na asali kar ka taɓa.

Sai ka danna dama a kansa, ka shiga Properties ka duba girmansa. In ka ga misali 1.3 GB maimakon 1.8, to netwok ne ya yanke ana cikin saukewa, kuma shi ya fi yawan jawo wannan matsalar. Abin da ke faruwa shi ne, zip yana ajiye jerin sunayen duk fayilolin da ke cikinsa da inda kowanne ya fara a can ƙarshen fayil ne, ba a farko ba. Windows kuwa ƙarshen take fara dubawa, in ba ta ga jerin ba shikenan sai ta ce duka ya lalace, alhali kamar littafi ne da aka yage masa shafukan baya, na gaba suna nan lafiya lau. Kowane hoto an matse shi daban, kuma a gabansa akwai wani ɗan kai da ke farawa da haruffan PK, mai ɗauke da sunan hoton. Saboda haka manhajar da za ta bi fayil ɗin tun daga farko tana neman waɗannan kawunan za ta iya tsinto hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Fara da 7-Zip, kyauta ne. Sau da yawa yana buɗe irin wannan zip ɗin, zai yi ƙorafi da Unexpected end of data amma ka ƙyale shi ya ciro abin da ya samu. In ya ƙi, gwada WinRAR, ka zaɓi fayil ɗin ka danna Alt+R ya gina maka sabon zip, sannan wajen cirowa ka tabbata ka sa alama a Keep broken files, don in ba haka ba duk hoton da ya samu matsala goge shi zai yi bayan ya ciro. In kana da Linux ko Mac, ni wannan na fi yarda da shi, a Terminal za ka rubuta, ka sa sunan kwafin naka a madadin hotuna.zip:

```
zip -FF hotuna.zip --out gyara.zip
unzip gyara.zip -d hotuna
```

Zai iya tambayarka ko fayil ɗin guda ɗaya ne ba rarrabe ba, ka amsa da y.

Yanzu lissafi, don kar ka sa ran abin da babu. Hoto 400 a 1.8 GB, kowanne kusan 4.5 MB kenan, to in 1.3 GB ne ya sauko za ka samu wajen 290. Wanda yankewar ta faɗa a kansa zai iya buɗewa sama lafiya ƙasa toka-toka. Sauran ɗari da 'yan kai kuwa ba su taɓa shigowa kwamfutarka ba, babu manhajar da za ta dawo da su, don haka kar wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai ciro su duka. In link ɗin da aka turo maka yana aiki har yanzu, sake saukewa ya fi duk wannan wahalar.

Idan kuma girman ya cika cif 1.8 GB, labari ya canza. Nan za ka fi ganin CRC failed a kan wasu hotuna kaɗan, wato an lissafa wata lamba lokacin matse hoton, da aka warware shi aka sake lissafawa ba ta zo daidai ba, wani abu ya gurɓace a hanya. Waɗancan kaɗan ɗin ne kawai suka taɓu, sauran za su fito ƙalau. Wanda yake damuna shi ne in ta filash zip ɗin ya bi, musamman jabun filash ɗin nan da ake rubuta 64 GB alhali cikinsa bai kai haka ba, kwafi zai nuna ya kammala, girma ya nuna daidai, amma duk abin da ya wuce ainihin cikinsa bai zauna ba. In kurakuran sun yi yawa a jere to shi nake zargi, ka daina zuba komai a kansa.

Shi kuma mai hoton ka kira shi yau ɗin nan, ka roƙe shi ya dakatar da amfani da katin kamarar da ya ɗauki bikin. In ba a ɗora sabbin hotuna a kai ba, manhajar PhotoRec na iya dawo da waɗanda aka goge, ta nan ne ragowar za su iya fitowa.