Iyaka a asusun caca: a sa ta tun kuɗi bai shigo ba

"'Yan'uwa, duk wata ina rantsuwa cewa dubu biyar kawai zan buga, amma sai na wayi gari rabin albashi ya tafi. Shin iyakar da ake sawa a asusu tana da amfani?"

Ɗan'uwa, da na karanta saƙonka sai na ga kamar ni na rubuta shi. A daren da ya fi kowanne muni, na zuba kuɗi sau bakwai tsakanin sallar isha da ƙarfe biyun dare, kowane zubi ina cewa wanda ya tafi kawai zan dawo da shi, har kuɗin hayar gida, naira dubu casa'in, ya ƙare. Da asuba na kasa kallon fuskar maiɗakina. Kafin azahar kuma kamfanin ya aiko mini da saƙon garaɓasa, wai na cancanci kyauta. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Iyakar tana da amfani, domin mutum yana yanke shawarar ne lokacin da hankalinsa ke kwance. Ka shiga sashen da galibi ake rubuta wa Responsible Gambling, ka zaɓi Deposit Limit, wato iyakar kuɗin da za ka iya zubawa, ka sa ta mako, domin ta wata tana iya ƙonewa a dare guda, ta yini kuwa idan ka ninka ta sau talatin sai ta ba ka tsoro. A kamfanonin da ke bin ƙa'ida, rage iyaka yana fara aiki nan take, amma ƙara ta sai an jira, galibi awa 24, kuma zafin neman ramuwa ba kasafai yake kaiwa gobe ba. Ka sa ta kafin albashi ya shigo.

Sai dai iyakar zubi ba ta kare abin da ke cikin asusun. Na taɓa cin dubu arba'in na bar su ciki, mako na zagayowa na yi asararsu ba tare da na zuba ko sisi ba. Da na sa Loss Limit, wato iyakar asara, na dubu biyar a mako, da an tsayar da ni da dubu talatin da biyar a hannu.

Tunatarwar lokaci, wato saƙon da ke fitowa ya nuna tsawon lokacin da ka yi kana wasa, ita ce mafi rauni, tunda da yatsa ɗaya ake kore ta, amma na sa tawa kowane minti 30, musamman saboda wasannin ƙwallo na kwamfuta masu ƙarewa cikin 'yan mintuna. Idan ta fito, nakan karanta tsawon zaman da na yi, in ajiye wayar in fita tsakar gida.

Ina roƙonka kada ka buɗe asusu a wani kamfani ko ka nufi shago da tsabar kuɗi, domin iyakar ba ta bin ka can. Ranar da na kama kaina ina yin haka, sai na nemi a rufe asusuna na wata shida, na miƙa wa yayana katin bankina.